Tsagewar bango a gefen rami

A Yamai ba mu da jirgin ƙarƙashin ƙasa, amma muna tura bututun magudana a ƙarƙashin gudron ba tare da an fasa shi ba, kuma ƙasar da ke saman bututun tana sauka kamar yadda take sauka a saman kowane rami. Na yi aiki a irin wannan shantiye kusa da kwarin Gunti Yena. Babban abin da na koya shi ne, zurfin saukar ƙasa ba ya faɗa maka gidan da zai tsage sai ka san faɗin wurin da ya sauka da inda gidan yake zaune a kansa.

Kullum ƙasar da ake fitarwa daga rami ta fi girman ramin da aka gama. Wannan rarar ake kira asarar ƙasa, ana auna ta da kashi cikin ɗari na ƙasar da ya kamata ta fito daga ramin. Bututunmu mita 2 ne daga gefe zuwa gefe, tsakiyarsa tana zurfin mita 6, cikin rairayi mai ɗan laka. Kowace mita ɗaya da aka ci gaba, ƙasa mita kubik 3,14 ya kamata ta fito. In an yi asarar kashi 2, lita 63 ke nan ta ɓace a kowace mita, wato bido biyu da rabi na masu lita 25. Ƙasar sama ce ke saukowa ta cike gurbin.

Wata asarar daga gaba take shigowa, inda rairayi ke zubowa a fuskar haƙa in ba a tokare shi ba. Wata kuma ta gefe, kuma ita ce aka fi rainawa. Ana yanka ramin ya ɗan fi bututun faɗi don ya samu wucewa. In ratar santimita 1 ce kewaye da bututu mai mita 2, kuma ƙasa ta rufe ta gaba ɗaya, ita kaɗai ta cinye kashi 2 ɗin nan. Shi ya sa ake ɗura ruwan laka mai kauri, bentonit, a cikin ratar yayin turawa, a bi da ruwan siminti in an gama. Duk ranar da famfon bentonit ya tsaya aka ci gaba da turawa, awon gobe zai nuna.

A 1969 injiniya Ralph Peck ya nuna cewa saukar tana yin siffar kwari mai laushin gefe: ta fi zurfi daidai saman ramin, tana raguwa hagu da dama. A kowane gefe akwai wurin da gangaren ya fi tsanani, nisansa daga tsakiya shi ake kira i. O'Reilly da New, a 1982, suka ba da hanya mai sauƙi ta ƙiyasta shi: i = K × z, inda z yake zurfin tsakiyar ramin, K kuma lamba ce da ta dogara da irin ƙasar. A laka K yana wajen 0,5, a rairayi tsakanin 0,25 da 0,35. Saukar tsakiya kuwa, a raba ƙasar da ta ɓace a kowace mita da 2,5 × i.

Da muka ɗauki K a 0,3, i ya fito mita 1,8, saukar tsakiya milimita 14. Da laka ce, i zai zama mita 3, saukar ta tsaya wajen milimita 8. Asara ɗaya ce, amma rairayi ya tattara ta a ƙunci, laka ta baza ta. Gangare mafi tsanani a rairayin ya kai wajen 1 cikin 210, a laka wajen 1 cikin 590. Ma'aunin da Rankin ya bayar a 1988 ya ce in saukar ba ta kai milimita 10 ba, gangaren kuma bai kai 1 cikin 500 ba, haɗarin ba abin damuwa ba ne. Ke nan laka ta tsallake, rairayinmu bai tsallake ba.

Gidajen da ke bakin hanyar ba su kan bututun. Bangon gaban wani gidan bulo yana mita 2 daga layin tsakiya, ɗakunan sun miƙe baya har sun fita daga kwarin, wanda ke ƙarewa wajen mita 5. Mai gidan, wani dattijo, ya ce mini: "Ɗana, ai ramin naku a tsakiyar hanya yake, me ya kawo ku zaurena da ma'auni?" Na ce, "Baba, gefen ne ya fi ba mu tsoro." Daga tsakiya zuwa i ƙasa tana lotsawa, bangon da ke wurin yana matsuwa ta sama, in zai tsage daga ƙasa zai fara, inda harsashi da nauyin ginin ke riƙe shi. Daga i zuwa waje kuwa ƙasa tana yin doro, kuma tana jawuwa ta nufi ramin. Gaban gidan ya sauka, bayansa yana nan daram, sai saman bangon ya buɗe. Gidan da aka ɗaure samansa da ƙarfe da kankare yana jurewa. Gidan laka, ko na bulo da maso ya ɗora wa kwano ba ɗauri, ba abin da zai hana tsagar bi daga kusurwar taga zuwa sama. In ka ga tsaga mai faɗi a sama, siririya a ƙasa, a bangon da ya miƙe daga hanya zuwa cikin gida, doron ne ya yi ta.

Don haka kafin a fara haƙa muka shiga gida gida, da sallama da izinin masu su, muka ɗauki hoton kowace tsohuwar tsaga tare da ma'auni a jikinta, muka manna mata ɗan farin filasta muka rubuta kwanan wata. In filastan ya fashe, tsagar tana motsi. A ganina wannan haƙƙin mai gida ne kafin ya zama kariyar ɗan kwangila. Mai awo kuma ya kafa ƙusoshi a layin da ya ratsa hanyar, yana ɗaukar tsayinsu kowace safiya daga wata alama mai nisa da kwarin. In alamar tana cikin wurin da ke sauka, tare za su sauka, awon ya nuna lafiya alhali babu.

Iyakar wannan lissafi a rairayi take. Siffar Peck tana aiki ne muddin asarar ƙarama ce. In rairayi ya zubo da yawa a fuskar haƙa, kogo ne ke buɗewa a saman bututun, damshin ƙasa ko ɓawon jar ƙasa mai tauri ya riƙe rufinsa, ƙusoshin sama ba su nuna komai ba. Kogon yana hawa sannu a hankali, har ruwan Agusta ya jiƙa wurin ko babbar mota ta taka, gudron ya rufta. Maganinsa ƙidayar ƙasar da ke fitowa: a san bokitin ɗagawa nawa ke cika a kowane bututu, a cire kumburin da ƙasa ke yi in an tona ta, a kwatanta da mita kubik 3,14 a kowace mita. In ƙidayar ta zarce kuma awon sama bai motsa ba, a tsayar da turawa, a huda daga sama a nemo kogon, a cika shi da ruwan siminti kafin a ƙara ko bututu ɗaya.