Kafin almakashi ya taɓa shadda

A shagonmu na ɗinki da ke Fagge ba ma sa almakashi a yadi sai mun tabbatar da abin da mai shi yake so. Shadda idan aka yanka ta an gama, ɗinki ne kawai ake iya farkewa.

Kwanan baya wani Alhaji da muka daɗe muna yi wa ɗinki ya aiko direbansa da shadda yadi 5, ya biyo da saƙo a waya: "Malam, irin na Sallah za a yi, a ɗan ƙara masa." Shi a wurinsa magana ta fita sarai, domin riga ɗaya ce a ransa. Ni kuwa da na buɗe littafin awo sai na ga biyu: farar tazarce mai tsawon inci 56 da ƙaramar Sallah, da jamfa ruwan toka mai inci 42 da babbar Sallah. Ƙarin ma bai faɗi ko na tsawo ne ko na faɗi ba.

Ban rubuta masa "ban gane ba". Wannan kalmar tana mayar wa mutum da aiki, kuma babba zai ji kamar an ce bai iya bayani ba. Maigidana da ya koya mini sana'a ya hana mu ita tun muna yaran shago masu sa maɓalli. Hotunan rigunan biyu na tura, na ce: "Ranka ya daɗe, shadda ta iso, kuma mai kyau ce. Da yake biyu muka yi maka bana, farar tazarcen za mu maimaita ko jamfar? Ƙarin kuma ina shirin sa inci 2 a ƙirji, tsawo ya zauna yadda yake. Idan haka ya yi sai in yanka."

Dalilin tambayar na ɗora shi a kan littafina, sannan na kawo lissafi a shirye, yadda kalma ɗaya ta ishe shi amsa. Na zaɓi ƙirji ne saboda manya sun fi nufin jiki ya ɗan ƙaru. Ya ce tazarcen, amma a hammata take kama shi idan ya ɗaga hannu. Ashe ƙarin ƙirji kaɗai ba zai yi magani ba. Sai na raba inci 2 ɗin, rabin inci a kowane gefe na gaba da baya, na kuma sauke hammata da inci ɗaya, na faɗaɗa saman hannu daidai da ita don kada ɗinkin ya tattare.

Masu karya farashi ba sa wannan wahalar. Su yanka da ka, riga ta fito ba daidai ba, su ce ai haka ka faɗa. Irin waɗannan rigunan ake kawo mana gyara, kuma wadda aka gajarta babu abin da za mu iya mata fiye da ɗan abin da aka bari a kalmasa.