Kafin ka aika wa mutane cewa an ɗage taro

Ƙannena da aka ɗora wa sakatarci a ƙungiyoyin ɗalibai, na matasa ko na 'yan sana'a, akwai wasiƙar da ba wanda yake koya muku ita sai ranar da ta kama. Kun kama zaure, kun buga takardun gayyata, mutane sun biya kuɗin rajista, sai ga waya daga babban mai jawabi cewa ba zai samu zuwa ba. Shi ne aka sa hotonsa a fosta, dominsa mutane suka biya, kuma babu wanda zai maye gurbinsa. Dole a ɗage. Wasiƙar da za ta fita daga hannunku aikinta biyu ne: ta hana mutum kama hanya, ta kuma gaya masa makomar kuɗinsa. Ban haƙuri yana da wurinsa, amma a bayan waɗannan yake.

Na taɓa riƙe irin wannan kujera a wata ƙungiya a Kano. Taronmu na ranar Asabar ne, malamin da muka gayyato daga Abuja ya kira a farkon makon ya ce an kwantar da shi a asibiti. Sai muka zauna a kan labarin. Hujjarmu ita ce kunya ce mu ce an ɗage ba tare da sabuwar rana ba, don haka muka tsaya jiran mai zaure ya duba littafinsa, muna kuma jiran malam ya ji abin da likita zai ce. Sai daren Alhamis saƙon ya fita. A lokacin wasu sun riga sun biya kuɗin mota, wasu sun kama masauki, wata malamar makaranta ta karɓi izinin tafiya daga wurin aikinta. Duk asarar da suka yi tsakanin kiran malam da fitar saƙonmu, mu muka jawo musu ita, ba rashin lafiyarsa ba.

Saboda haka da zarar kwamiti ya yanke cewa taro ba zai yiwu ba, a ranar sanarwa za ta fita, ko da sabuwar rana ko babu. Abu biyu kawai za ku tsaya yi kafin nan, kuma ba su wuce kiran waya biyu ba. Ku nemi mai jawabin ya tabbatar da uzurinsa a rubuce, ko da gajeren saƙo ne, ku kuma tambaye shi abin da ya yarda a faɗa game da dalilin. Sannan ku tambayi ma'aji nawa ne ya rage a asusu bayan kafin alƙalamin da aka bai wa mai zaure da mai abinci, don kada ku yi alkawarin mayar da kuɗin da ba ku da shi a hannu.

Maganar dalili ita ce wadda har yau nake jin nauyinta. Don mu wanke kanmu, na rubuta cewa an kwantar da malam a asibiti, har na ambaci ciwon. Kafin gari ya waye saƙon ya zaga zaurukan WhatsApp, ana ta kiran iyalinsa, wasu ma sun ƙara wa miya gishiri sun ce jikin ya yi tsanani. Bai ce mini komai ba, amma bai sake karɓar gayyatarmu ba. Ciwon mutum sirrinsa ne. "Wani uzuri da ya taso wa babban mai jawabinmu" ya ishi kowa. Sai dai kada ku gudu daga wannan ku faɗa cikin "saboda wasu dalilai da ba za a iya kauce musu ba". Wanda ya karanta haka zai ɗauka kuɗi ne suka ƙare, ko rikici ya ɓarke a kwamiti, ko jami'an tsaro ne suka hana. Ku faɗi cewa mai jawabi ne ba zai samu zuwa ba, ku tsaya a nan, ba tare da kalmar da za ta nuna shi ne ya yi muku tsiya ba.

Wasiƙar tawa ta fara da gaisuwa mai tsawo, da godiya, da tarihin yadda muka sha wahalar shiri, sai a sakin layi na uku aka ga kalmar ɗagewa. A waya, abin da mutum yake gani kafin ya buɗe saƙo layi ɗaya ne ko biyu. Wanda ya ga "Assalamu alaikum, da fatan kuna lafiya" zai ɗauka tunatarwa ce, ya ce zai karanta anjima. Ga yadda zan rubuta ta yau, a ce taron na Asabar 8 ga Nuwamba ne, ina kuma rubutu ranar Laraba 5 ga wata.

Kan wasiƙa: An ɗage taron Asabar 8 ga Nuwamba, kada a taso

Assalamu alaikum. Muna sanar da ku cewa taron da kuka yi wa rajista, wanda aka shirya yi ranar Asabar 8 ga Nuwamba a Kano, ba zai gudana a wannan rana ba. Wani uzuri ya taso wa babban mai jawabinmu, kuma kwamiti ya ga bai dace a yi taron ba tare da shi ba.

Ba mu tsayar da sabuwar rana ba tukuna. Za mu sake rubuto muku ranar Juma'a 14 ga Nuwamba, ko mun tsayar ko ba mu tsayar ba.

Rajistarku tana nan, ba sai kun sake biya ba. Wanda yake son a mayar masa da kuɗinsa, naira 10,000 cif, ya amsa wannan saƙo da sunan da ya yi rajista da shi da kuma shaidar biya. Za a mayar cikin kwana bakwai zuwa asusun da kuɗin ya fito. Wanda ya zaɓi ya jira, idan sabuwar ranar ba ta yi masa ba, har yanzu yana da damar karɓar kuɗinsa. Ba za mu kira kowa mu nemi PIN, OTP ko BVN ba.

Mun san wasunku sun riga sun kashe kuɗin mota da masauki. Muna ba ku haƙuri ƙwarai. Mai tambaya ya kira sakatare a lambar da ke ƙasa, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 8 na dare.

Shi ke nan, sai suna da muƙami da lambar waya ɗaya.

Ku lura ban ce "nan ba da jimawa ba". Na taɓa rubuta haka, sai kowa ya fassara shi da son ransa, wayata ta zama ta kowa. Ranar da za ka sake magana abu ne da yake hannunka, don haka za ka iya yin alkawarinta. Ranar taro kuwa tana hannun mai jawabi da mai zaure. Kada ta shiga wasiƙa sai su biyun sun amince a rubuce, kun kuma duba kalanda kun ga ba ta faɗa cikin azumi, ko makon sallah, ko lokacin jarrabawa ba idan mahalartanku ɗalibai ne. Mutane suna yafe ɗagewa ta farko. A ta biyu ne suke fara neman kuɗinsu gaba ɗaya.

Sakin layin kuɗi shi ne wanda kwamiti zai so a cire, don tsoron kada kowa ya ce a ba shi nasa. Mu mun cire shi, kuma shirun ne ya tayar da ƙura: tun kafin azahar wani ya rubuta a zauren WhatsApp cewa an cinye kuɗin mutane. Daga baya da muka buɗe ƙofar mayarwa, kaɗan ne suka karɓa. Abin da mutum yake so ya sani shi ne kuɗin nan nasa ne har yanzu. Idan kafin alƙalamin zaure ya riga ya tafi, ku roƙi mai zauren ya matsar da shi zuwa sabuwar rana, ya rubuta hakan a bayan rasit. Giɓin da ya rage na ƙungiya ne, ba na wanda ya biya don ya saurari malamin da bai zo ba. Mayarwa zuwa asusun da kuɗin ya fito kuwa tana rufe ƙofar wanda zai turo hoton rasit ɗin wani ya ce a tura masa a nasa asusun. Layin PIN da OTP ma ba ado ba ne. Sanarwar mayar da kuɗi tana fita, 'yan damfara suna samun abin fakewa, su kira mutum su ce daga sakatariyar taro ne.

Saura isar da ita, kuma a nan ne wasiƙa mai kyau take mutuwa. Na dogara da jerin aikawa na WhatsApp, wato Broadcast, ban san cewa saƙonsa yana isa ne kawai ga wanda ya ajiye lambarka a wayarsa ba. Yawancin masu rajista ba su san ni ba, balle su ajiye lambata. Alamar ita ce saƙon ya tsaya a kan maki ɗaya, bai koma biyu ba, ni kuwa ban duba ba. Ranar Asabar wani dattijo ya iso daga Yola da jakarsa, ya tarar da ƙofar zaure a kulle da kwaɗo, maigadi ne ya ba shi lambata. Na ce, "Baba, wallahi mun aika saƙo." Ya ce, "Yaro, ni dai ban gani ba, ga ni kuma a bakin ƙofa."

Cikakkiyar wasiƙar ta tafi ta imel, adireshin mutane a gurbin BCC, ba To ko CC ba, don kada ku raba wa kowa adireshin kowa. Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane tun 2023, kuma ko babu doka, amana ce. Sannan gajeren saƙon tes ya bi kowace lamba, domin shi ba ya buƙatar data. Saƙon tes guda yana ɗaukar haruffa 160, amma idan harafi mai lanƙwasa irin ƙ, ɗ ko ɓ ya shiga ko guda ɗaya, sai ya koma 70, saƙon ya rabu gida biyu ko uku, kuɗinsa ya ninka. Ana iya tsara shi da kalmomin da ba su da lanƙwasa:

"SANARWA: Ba za a yi taron Asabar 8 ga Nuwamba a Kano ba. Kada a taso. Bayani kan rajista da sabuwar rana yana cikin imel. Sakatare"

Bayan haka ku ɗauko jerin masu rajista, ku ware na nesa, mutanen Maiduguri, Yola, Sakkwato, da masu tsallako iyaka daga Maraɗi ko Damagaram, ku raba sunayen a tsakanin 'yan kwamiti a kira su ɗaya bayan ɗaya. Ba a sa wa suna alama sai an ji muryar mai shi. Fom ɗin rajista kuma a rufe shi a wannan rana, in ba haka ba za ku wayi gari ku ga sababbin biya na taron da babu shi. A ranar da aka sa tun farko, mutum ɗaya daga kwamiti ya je bakin zauren da safe da kwafin wasiƙar da ɗan kuɗin mota a aljihu, ya zauna har azahar.