Talata, ni da makin BLEU

Yau tun safe nake fama da model biyu, A da B, masu fassara Turanci zuwa Hausa, oga na so kafin a tashi in gaya masa wanne za mu ɗauka. Na kunna abin da kowa ke kunnawa:

```
sacrebleu ref.txt -i a.txt -m bleu chrf
```

Na yi wa na biyun haka, B ya ɗara A a BLEU, wato makin da ke auna yadda kalmomin model suka dace da na fassarar mutum, amma da na zauna ina karanta jimlolin sai na ga lissafin bai gamsar da ni ba.

Ga ɗaya da ta tsaya min a rai. Fassarar mutum da muke aunawa da ita ta ce "Yaran sun tafi kasuwa". A ya ce "Yaran sun je kasuwa", B kuma "Yaran sun tafi makaranta". Kowanne ya dace da kalma 3 cikin 4, to amma BLEU yana ƙirga jerin kalmomi ma, bibbiyu, uku-uku har huɗu, a bibbiyu A ya samu 1 cikin 3, B ya samu 2 cikin 3, wato wanda ya kai yara inda ba su je ba shi ya ci maki. Su waɗanda suka fito da BLEU a IBM a 2002 da fassarori da yawa suka gwada kowace jimla, mu guda ɗaya tak gare mu. Ga kuma rikicin ƙ da ɗ, in model ya rubuta "kasa" mu muna da "ƙasa" an tashi a tutar babu a wannan kalmar, ɗayan ma'aunin, chrF, dai ya ɗan fi sassauci tunda haruffa yake bi.

Bayan azahar sai na roƙi abokan aiki biyu, na ba su jimla 100, kowace da fassarar A da ta B, na ɓoye sunan model na kuma hautsina wanda ke hagu da dama don kar ido ya saba da gefe ɗaya. Ɗaya ta zaɓi A sau 60, ɗayan sau 70, sun yi daidai a 70. Da ji kamar abin arziki ne, amma ko da ka suke zaɓe za su haɗu a 54 (0.6×0.7 + 0.4×0.3), kappa, wato ma'aunin daidaituwarsu bayan an cire ta dace, ya fito (0.70−0.54)/0.46, wajen 0.35 kenan, bai taka kara ya karya ba.

Da muka duba 30 ɗin da suka saɓa, ashe ita ma'ana take bi, shi kuwa daɗin Hausar, har ya kayar da wata jimla don kawai ba haka ake faɗa a Kano ba, alhali Basakkwace ba zai ga aibunta ba. Gobe tambaya biyu zan ba su daban-daban, ma'ana ta cika? sannan Hausar ta zauna? Oga dai na ce masa da alama A ne, amma ya ba ni zuwa Alhamis.