Hayaƙi ɗaya, ma'ana biyu: abin da gyaran ƙananan injuna ya koya mini a Damagaram

Injin wuta ƙarami, irin mai lamba 950 ɗin nan da teloli da masu aski da masu cajin waya suke amfani da shi, ba shi da wurin zuba baƙin mai. Injin ban ruwa da masu lambu na Mirya da Gidimuni suke ja da shi kuwa yana da wurin, har da sandar awo. Kusan duk matsalar da ake kawo mini a rumfata daga wannan bambanci take tasowa, don mutane suna kula da na farkon kamar na biyun, ko na biyun kamar na farkon.

Na farkon shi ne mai bugu biyu. Fiston ya hau ya sauka sau ɗaya, buji ya ba da wuta. Ba shi da bawul a saman silinda, ramuka ne a jikin silinda waɗanda fiston da kansa yake buɗewa yana rufewa. Isansi da iska idan suka baro karbureta ba sa wucewa kai tsaye saman fiston, sai sun fara shiga ƙasan inji, inda karanshaf da boris suke, daga nan fiston ya turo su sama ta wata hanya a gefe. Tunda ƙasan injin hanyar isansi ce, ba za a iya tara baƙin mai a wurin ba. Shi ya sa ake haɗa man cikin isansi: ya bi ta kan boris da jikin silinda ya shafe su, ya hau sama ya ƙone. Na biyun kuwa, mai bugu huɗu, sai fiston ya yi tafiya huɗu, ya shaƙa, ya matse, wuta ta tashi, ya fitar da hayaƙi. Bawul ne ke buɗe ƙofa da rufewa, baƙin mai yana zaune a ƙasa shi kaɗai, kuma bai kamata ya haɗu da wuta ba ko kaɗan.

Gab da Sallah ƙarama wani tela daga Sabon Gari ya kawo mini irin ƙaramin nan a bayan kabu-kabu. Ya ce, "Maigida, yana tashi lafiya lau, amma da na kunna keken zubi sai ya yi ta nishi, fitila ta dushe, ya mutu. An wanke karbureta, an canza buji, shiru."

Kafin in taɓa sifana na ce masa, "Malam, yaya kake haɗa mai?"

Ya ce kowace lita ta isansi yana zuba mata ƙaramin gwangwanin tumatir cike da baƙin mai, irin wanda ake zuba wa moto. Wani ne ya faɗa masa wai zafin Damagaram ya fi ƙarfin awon da aka rubuta, gara a ƙara.

Awon wannan inji shi ne 50:1, wato mai kashi ɗaya cikin isansi kashi 50. A lissafi mai sauƙi, mililita 20 a lita ɗaya, mililita 80 a lita 4, abin da tankin yake ci ke nan kusan. Gwangwanin tumatir ɗin nan yana ɗaukar wajen mililita 70. Ke nan telan yana zuba fiye da ninki uku na abin da ake bukata, kuma ba irin man da ya dace ba. Man da aka rubuta wa 2T, wato na mai bugu biyu, an yi shi ne don ya narke cikin isansi ya ƙone ba tare da ya bar toka mai yawa ba. Baƙin man moto ko na mota an yi shi ne don ya daɗe yana zagayawa cikin inji, an zuba masa sinadarai masu wanke datti da hana lalacewa, waɗanda idan suka ƙone sai su bar toka da gawayi mai tauri.

Na ciro buji, sabo ne amma ya yi baƙi ƙirin, ya jiƙe da mai. Bakin salansa yana ɗigar da baƙin abu mai danƙo. Da na kwance salansar na ɗaga ta sai na ji ta fi yadda na san ta nauyi. Ramin fitar hayaƙi na jikin silinda kuwa gawayi ya cinye fiye da rabinsa. Ciwon ke nan. Mai bugu biyu ba shi da wata tafiya ta musamman da fiston zai tura hayaƙi waje, sabon cakuɗin da ke shigowa ne yake korar tsohon cikin ɗan lokacin da ramukan suke buɗe. Idan mafita ta ƙuntata, hayaƙi ya zauna, sabon isansi bai samu wurin shiga ba. Babu kaya a kansa zai yi ta juyawa, da an ɗora masa nauyi sai numfashi ya gagare shi. Ko sau nawa aka wanke karbureta ba za ta warkar da wannan ba.

Tunda salansa tana ƙasa, na haska tocila ta ramin na ja igiya a hankali don in ga jikin fiston. Wannan dubawa kyauta ce, kuma ita ke faɗa maka ko aikin ƙarami ne ko babba. Idan ka ga zane-zane a tsaye kamar an karce shi da ƙusa, injin ya taɓa cijewa, sai an sake fiston da zobba, wani lokaci har silinda. Na telan sumul yake, zobban ma da na taɓa su da tsinke suna motsi cikin gurbinsu. Sai na juya har fiston ya rufe ramin, don kada ɓarɓashi ya faɗa ciki, na kankare gawayin da guntun itace mai tauri. Ba na sa sukuddireba a nan, hannu ya zame sau ɗaya ka yi wa fiston tabo. Salansar kuma na ɗora ta kan garwashi a fili, nesa da jarkokin mai, har ta daina hayaƙi, ta huce, na bubbuga ta gawayin ya zubo. Na juye abin da ke tanki, na wanke karbureta da soson iska, na haɗa sabon mai bisa awo. Ya ɗauki keken da fitilu ba gardama. Hayaƙin bai yanke nan take ba, sai da man da ya taru a ƙasan inji ya ƙone tukun.

Na ba shi shawarar da nake ba kowa: ya sayi sirinji mai mililita 20 a kantin magani, sirinji ɗaya lita ɗaya. Wasu injunan suna zuwa da ɗan kofin awo a murfin tanki, amma yakan ɓata tun watan farko. A haɗa a jarka daban, a fara zuba rabin isansin, a sa mai, a girgiza, a cika. Wanda ya tsiyaya mai kai tsaye cikin tanki, man yakan gangara ƙasa wajen famfo, injin ya fara shan mai zalla yana tari, daga baya ya sha isansi kusan tsura. Kada kuma a haɗa na wata guda a ajiye. A zafin watan Afrilu da Mayu isansi yana tsiyayewa ta iska, musamman wanda ya kwana cikin karbureta, ya bar danƙo ya toshe jet, wato ɗan ramin da isansi ke bi a cikin karbureta.

Kuma 50:1 ba doka ba ce ga kowane inji. Akwai tsofaffi da wasu injunan yankan itace masu neman 25:1, wato mililita 40 a lita. Abin da ke rubuce a jikin tanki ko takardar injin shi ake bi. Wasu motoci masu bugu biyu ma suna da tankin 2T daban da ɗan famfo mai aunawa da kansa, su ba a haɗa musu.

Duk da abin da ya sami telan, idan za a tambaye ni, yawan mai ya fi ƙarancinsa sauƙi. Yawa yana toshewa, a kankare a ci gaba. Ƙaranci kuwa cikin 'yan mintoci fiston zai yi zafi ya kumbura ya manne da silinda. Abin da mutane ba su cika lura da shi ba shi ne, ko awonka daidai ne inji zai iya rasa mai. Tunda tare da isansi man yake tafiya, duk abin da ya rage isansi ya rage mai: jet da ya toshe rabi, ko iska da ke sata ta robar karanshaf da ta tsufa. Alamarsa inji ya riƙa tashi da gudu yana sauka shi kaɗai, bakin buji ya yi fari fat. Buji mai lafiya launin ƙasa-ƙasa yake yi. Ƙurar hunturu ma ta fi yi wa mai bugu biyu illa, don idan soson iska ya yage, ƙurar ta kan boris take bi kafin ta kai sama.

To ka ga hayaƙi mai shuɗi-shuɗi kaɗan a mai bugu biyu, musamman da sanyin safiya, al'adarsa ce. Wannan hayaƙin dai a injin ban ruwa mai bugu huɗu yana nufin mai ya kai inda bai kamata ba. Kafin in ce zobba sun cinye, abu biyu nake fara dubawa, don su suka fi yawa. Irin injin GX160 da masu kama da shi ɗan abin da ya haura rabin lita suke ci, wajen lita 0.6, amma sai ka ga an juye musu galan ɗin lita ɗaya gaba ɗaya. Na biyu, an kwantar da shi a gefe cikin amalanke, mai ya malala zuwa silinda da soson iska. Idan awo daidai ne, ba a kwantar da shi ba, hayaƙin bai yanke ba bayan ya yi zafi kuma mai yana raguwa, to lallai zobba ne ko hanyar bawul. Baƙin hayaƙi daban ne, isansi ne ya yi yawa: an bar cok a rufe, ko soso ya toshe da ƙura.

Ina kuma sansana sandar awo. Idan mai ya ƙaru da kansa, ya tsinke, yana warin isansi, an yi tafiya da injin famfon isansi a buɗe, karbureta ta cika ta zubar cikin inji. Sai a juye shi nan take. Bidanji, wato juye mai, na farko a sabon inji bayan awa 20 ne, daga nan duk awa 100, ni kuma a lokacin ƙura ba na bari a kai hakan. Masu lambu da yawa suna ƙari ne kawai ba sa juyewa, wasu har su sa a cire wayar da ke kashe inji idan mai ya yi ƙasa, wai tana damunsu. Ni ba na cire wa kowa ita.

Mai bugu huɗu ya fi tsimin isansi, don bawul yana rufe mafita kafin a matse, alhali a mai bugu biyu wani kaso na isansin yana bin hayaƙi ya fita bai ƙone ba, warin da kake ji ke nan a tufafinka. Amma rashin ganin hayaƙi a mai bugu huɗu yana yaudarar mutane su shigar da shi zaure ko shago da dare saboda ɓarayi. Iskar da ke kisa ba ta da launi ba ta da wari, kuma dukansu biyun suna fitar da ita. Kowanne ne, a waje ake kunna shi, salansa tana kallon nesa da ƙofa da taga.