Litinin, 15 ga Afrilu 2024: ranar takardar ƙarin farashi

Na sa hannu a takardar da misalin ƙarfe goma na safe, bayan ni da Akawu mun sauya ta har sau uku. Kilon ledar ruwa da muke bugawa zai tashi daga naira 3,200 zuwa naira 3,600, kuma sabon farashin zai fara aiki ranar 15 ga Mayu, wato mun ba kowa wa'adin kwana talatin. Akawu ya so mu rubuta cewa halin da ƙasa take ciki ne ya jawo, amma na ƙi, domin duk wanda zai karanta takardar a cikin wannan halin yake, kuma abin da yake bukata shi ne lissafin da zai iya bi da kansa. Saboda haka muka rubuta dalili biyu kacal. Kuɗin wuta na rukunin Band A, wato masu samun wuta aƙalla awa ashirin a rana, ya tashi daga kimanin naira 68 zuwa naira 225 a kan kowane yunit tun farkon watan nan, injinanmu kuma suna cin kusan yunit ɗaya a kan kowane kilo, wato ƙarin naira 150 ke nan. Ƙwayar robar da muke narkawa ta ƙara mana naira 300 a kilo. Jimla 450, muka ɗora wa abokan ciniki 400, muka ɗauki 50.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne kiran Alhaji na Dakata bayan sallar azahar. Na tsara cewa zan je wurinsa da kaina da la'asar kafin takarda ta isa hannun kowa, ashe direbanmu ya riga ya fesa wa yaransa labarin wajen sauke kaya. Ko gaisuwar kirki ba mu gama ba ya ce, "Yanzu shekara tara ina sayen kayanka, sai a bakin direba zan ji ka ƙara kuɗi?"

Na ce, "Alhaji, laifina ne, a yi mini afuwa. Ina nan tafe."

Na same shi a ofis, janareta na ruri, motoci sun yi layi saboda zafin nan ya sa kasuwar ruwa ta buɗe. Ya karanta takardar a natse, sannan ya yi mini tambayar da na san za ta zo: dala ta sauko a makonnin nan, don me kayana za su hau? Na gaya masa cewa ƙwayar da ke ɗakin ajiyarmu tun watan Fabrairu muka saye ta, lokacin da dala take sama, kuma sai mun cinye ta kafin sauƙin ya iso gare mu. Na yi masa alkawari a rubuce cewa ranar 1 ga Yuli za mu sake zama a kan farashin, idan sabon sari ya zo da rangwame zan sauke masa ba tare da ya roƙa ba.

Daga nan na ba shi takarda ta biyu, wadda mutum bakwai kawai za su samu, waɗanda suka shekara uku zuwa sama tare da mu kuma suke biyan kuɗi cikin kwana goma sha huɗu. Su nasu wa'adin wata biyu ne, har zuwa 15 ga Yuni, domin su sami sararin daidaita farashin jakar ruwa da dillalansu. Alhaji yana ɗaukar tan biyu a wata, don haka wata ɗayan da na ƙara masa, nasa kaɗai naira 800,000 ne daga aljihuna. Sai dai na sa iyaka: tsohon farashi zai tsaya ne a kan matsakaicin abin da mutum ya ɗauka a watanni uku da suka wuce. Bara ban sa wannan sharaɗi ba, wani ya yi odar kayan wata huɗu a cikin wa'adin, na buga masa su a kan asara, sannan ya ɓace har sai da suka ƙare.

Alhaji ya ce iyakar ta yi masa tsauri, tunda a bazara yakan kai tan uku. Gaskiya ya faɗa, domin watanni ukun da na auna da su sun haɗa da lokacin sanyi. Muka daidaita a kan abin da ya ɗauka a Afrilu da Mayun bara, kuma dole gobe in gyara wa sauran shidan haka, don kada su ji a bakin juna cewa na fifita wani.

Ya rako ni har mota, amma bai yi mini barkwancin da ya saba ba, kuma wannan ne nake ta juyawa a raina tun da na dawo gida. Direban kuwa ban yi masa faɗa ba, domin ni ne na yi maganar a gabansa ranar Asabar.