Laraba: agogo ne ya yaudare ni

Tun da safe na zauna kan manhajar cinikin nan da nake rubutawa. Ba na son in bar ta ta taɓa kasuwa ta gaske sai na gwada kowane ɓangare nata shi kaɗai. A makon jiya na naɗi farashin kasuwa na awa guda a fayil, kowane layi da farashinsa da lokacinsa. Yau na rubuta ɗan abin da zai riƙa karanta layukan yana miƙa wa manhajar ɗaya bayan ɗaya, ta ƙofar da farashi na gaske yake shigowa, yadda ba za ta gane na bogi ba ne.

Aikinta na farko shi ne tara farashin kowane minti ya zama kyandir guda: inda ya buɗe, inda ya rufe, mafi sama da mafi ƙasa. Awa guda kenan kyandir 60. Na kunna `pytest`, abin da nake gudanar da gwaji da shi, sai ga kyandir ɗaya tak. Na sake kunnawa, wannan karon biyu. Gabana ya faɗi, don fayil ɗaya ne, ban canza komai ba, amma amsa ta bambanta. Duk gwajin da yake haka, akwai abin da yake shigo masa daga waje.

Na fi awa ina zargin fayil ɗin kafin idona ya kai kan `time.time()` a tsakiyar manhajar. Ashe agogon kwamfutata take tambaya ko minti ya cika. Shi kuwa fayil ɗin, daƙiƙa biyu ya ishe shi ya ƙare kaf, don haka duk farashin awa guda ya afka cikin minti ɗaya. A karo na biyu kuma gwajin ya faɗo daidai lokacin da minti yake juyawa, shi ya sa aka samu biyu.

Na so in sa `sleep` tsakanin layuka don ya tafi da saurin gaske, amma wa zai jira awa guda kan gwaji ɗaya? Kuma ko na jira, amsar za ta ci gaba da dogara da lokacin da na danna. Sai na ƙwace agogon daga hannunta. Yanzu daga waje ake ba ta shi: a kasuwa ta gaske agogo na gaske, a gwaji kuma na bogi, wanda ba ya motsi sai mai karanta fayil ya tura shi. Kyandir 60 suka fito, sau goma ina maimaitawa.

Bayan azahar ne na gamu da abin da ya fi damuna. Akwai ƙa'idar tsaro da na sa: idan farashi ya daina zuwa har daƙiƙa 5, ta janye duk odar da ke jira, don ciniki da tsohon farashi makanta ne. A fayil ɗin akwai wurin da layi ya yanke daga 10:14:03 zuwa 10:14:15, shiru na daƙiƙa 12. Ya kamata ta janye a 10:14:08. Ba ta janye ba. Agogon nawa tsalle yake yi daga layi zuwa layi, don haka bai taɓa nuna 10:14:08 ba, manhajar ba ta ma san an yi shiru ba. Gyaran shi ne a taka giɓin daƙiƙa-daƙiƙa:

```python
for x in layuka:
    while agogo.t + 1 < x.recv_ts:
        agogo.t += 1
        dabara.on_timer()
    agogo.t = x.recv_ts
    dabara.on_tick(x)
```

Da `recv_ts` na yi aiki, wato lokacin da saƙon ya iso gare ni, ba wanda kasuwar ta buga a jikinsa ba. Shirun da manhajar take ji na isowa ne. Da na jera layukan bisa lokacin kasuwa, da saƙon da ya makara ya koma gurbinsa, ta ga abin da a zahiri bai iso ba tukuna.

Daga nan na yanko layuka 20 da ke kewaye da giɓin suka zama gwaji mai zaman kansa, wanda yake duba cewa an janye oda sau ɗaya, a 10:14:08 cif. Don in tabbata yana da haƙora, na mai da 5 ɗin ta koma 15 da gangan. Ya faɗi, kamar yadda ya kamata, na mai da ita.

Abu ɗaya dai na rubuta a takarda na manna gaban tebur: kasuwar fayil ba ta mai da martani. Ko na sayi nawa, farashin da aka naɗa ba zai gusa ba, kuma ni ne nake ƙaddara cewa oda ta cika. Saboda haka gwajin nan shawarar da manhajar ta yanke kawai yake tabbatarwa, ba riba ba. Gobe zan sa wa dillalin bogi, wato abin da yake karɓar oda a gwaji a madadin kasuwa, ya riƙa cika rabin oda, wani lokaci kuma ya ƙi ta gaba ɗaya, in ga yadda za ta yi.