Zobe a zare da jan karta: abin da na gani da na gwada su

Wata ƙanwata a nan Gadarif ta Sudan ta zo mini da zoben aurenta ɗaure a zare. Mijinta yana wurin haƙar zinariya a arewa, ya yi kwana goma sha ɗaya bai kira ba, ita kuma ta ga a waya yadda ake tambayar zobe ya ba da amsa. Ta ce, "Yaya, sau uku ina tambaya ko yana cin amanata, sau uku yana ce mini e." Ban yi mata gardama ba. Na ce ta kawo mu gwada shi a kan abin da za mu iya tabbatarwa kafin mu ɗora masa aure.

Ga yadda ake yi. Zare kamar santimita 25, zobe a ƙarshensa, a riƙe da babban yatsa da manuni, gwiwar hannu a sama ba ta jingina da komai. Sai a ce ya nuna "e", ya nuna "a'a". Wurinta gaba da baya shi ne e, gefe da gefe a'a. Na karɓa na tambaye shi ko yau Talata ce, Talatar ce kuwa, cikin daƙiƙa kaɗan ya fara lilo gaba da baya. Wallahi ban ji ina motsa hannuna ba. Wannan ne ke kama mutane, don mai riƙon ba ƙarya take yi ba.

Amma hannun yana motsi. Zare mai wannan tsawon yana kai da komowa sau ɗaya a kusan daƙiƙa guda, kuma duk ɗan turin da ya zo daidai da wannan lokacin taruwa yake yi, kamar yadda ake tura yaro a lilo da ɗan yatsa har ya yi sama. Motsin da bai kai ido ya gani ba ya isa. Ido yana kallon zoben, zuciya tana jiran wata amsa, yatsu suna gyara turin ba tare da an sani ba. Wani masanin kimiyya Bafaranshe, Michel Chevreul, ya bayyana wannan tun 1833: da ya tallafe hannunsa lilon ya ragu, da aka rufe masa ido abin ya daina aiki. Mun maimaita nasa a tsakar gida. Na ɗaure mata ido da gyale, na sa ta kwantar da hannu a kan teburin jabana har zuwa wuyan hannu. Zoben ya ɗan karkaɗa ba alkibla, ya tsaya.

Sai gwajin da ya fi muhimmanci. Ƙanenmu ya shiga ɗaki shi kaɗai, ya sa karta ɗaiɗai a ambulan 20, ya fice daga gidan don kada fuskarsa ta ba da labari. Ita ta riƙa tambayar zoben a kan kowace ambulan, "Ja ce?" Ni ina rubuta amsa, ba a buɗe ko ɗaya ba sai da aka gama. Ta ci 11. Wanda ya yi canki kawai, 10 ake sa ran ya ci, kuma 9 ko 12 ba abin mamaki ba ne. Sai an kai 15 ake fara magana, don sa'a kaɗai tana kai mutum nan kusan sau biyu ne cikin ɗari. Abin da ya kasa sanin launin karta a tafin hannunta, ta yaya zai san abin da namiji ke yi a nisan kwana biyu a mota? Tambayar Talata ya ci ta ne saboda ni na san amsar. A tambayar miji kuwa, abin da ke hannunta tsoro ne, tsoron kuma shi ya fito.

Karta matsalarta daban ce. Ba ta bin hannu, sa'a take bi. Kocina, wato kartar da ake bugawa a nan, 52 ce, 26 ja, 26 baƙi, sai a ce ja e, baƙi a'a. Masu amfani da kartar duba mai kati 78, wadda ake kira tarot, suna duba ko katin ya fito a miƙe ko a juye, lissafin kusan ɗaya ne, rabi da rabi. A ɗauka mata 100 sun ja kati, a ƙaddara kuma maza 10 ne cikinsu suke da laifi da gaske, misali kawai nake bayarwa. Kati zai ce e ga kusan mata 50. Cikin waɗannan, kamar 5 ne kawai mazansu ke da laifi, 45 an yi musu ƙazafi. Sauran masu laifi 5 kuma an wanke su tas.

Kuma ba wadda ke ja sau ɗaya. In ya ce a'a, sai zuciya ta ce ba a cakuɗa da kyau ba, a sake. In ya ce e, an tsaya. A ja uku, damar samun e aƙalla sau ɗaya 7 ce cikin 8. A ja biyar, 31 cikin 32. Wato mai zargi in ta nace, kusan tabbas za ta ji abin da take tsoro. Na ga wannan a kaina lokacin gwajin: da kati ya ba ni amsar da ban so ba, hannuna har ya koma kan tarin kafin in ankara.

Akwai kuma ita kanta tambayar. Me ake nufi da cin amana? Hira da wata a waya? Neman aure na biyu da bai faɗa ba? Kuɗin da yake tura wa danginsa a ɓoye? Ko alfasha? Waɗannan ba abu ɗaya ba ne, hukuncinsu ba ɗaya ba, maganinsu ba ɗaya ba, amma "e" guda ta haɗiye su duka, mai tambaya kuma ta fassara ta da mafi muni. Sannan ba a iya ƙaryata ta. In zobe ya ce ɗan kunnenki yana ƙarƙashin katifa, ɗagawa za ki yi ki gani. A nan in miji ya musa, sai a ce dama zai musa. In ya yi fushi, rashin gaskiya ne. In ya kawo tsaraba, toshiyar baki ce.

Shi ya sa abin yake damuna. Addininmu bai ɗauki wannan zargin da sauƙi ba: aya ta 4 a Suratun Nur shaidu huɗu ta nema, ta yanka bulala tamanin ga mai ƙazafin da bai kawo su ba. Kibau na ƙuri'a da Larabawan jahiliyya ke ja, mai "yi" da mai "kada ka yi", aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta haɗa su da giya da caca. Ban ga bambancinsu da jan kati ba.

Abin da muka yi a ƙarshe shi ne rubuta abin da ta sani da gaske, ban da abin da take ji. Layi uku ya fito: kwana goma sha ɗaya ba waya, kuɗin wata sun zo rabi, a kira na ƙarshe ya yi magana a gaggauce. Kowanne ana iya bin sa. Masu haƙa sukan yi nisa da inda sabis yake, kuma tun da yaƙin nan ya fara a 2023 layi yankewa yake yi kwana da kwanaki. Sai muka nemi matan abokan tafiyarsa biyu mu ji ko nasu mazan sun kira. Maganar kuɗi kuma ta ajiye ta tambaye shi kai tsaye, nawa aka samu, nawa ya tafi a bashin kayan aiki. In amsarsa ba ta gamsar ba, kawunta da yayansa za su zauna, mutum ɗaya daga kowane ɓangare kamar yadda aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta tsara.